Haɗarin Sanya Sunan Kamfani ko na Tauraro a Umarnin Hoton Talla

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu zana hoto, irin su Midjourney da Adobe Firefly da Gemini da ChatGPT, da umarni suke aiki. Mutum zai rubuta 'yan layuka ya bayyana abin da yake son gani, manhaja ta fito masa da hoto cikin ƙasa da minti guda. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga miliyoyin hotuna da aka tara tare da bayanin da ke rakiyar kowane hoto, saboda haka suna guda ɗaya yana yi musu aikin da dogon bayani ba zai yi ba. In an rubuta Nike, manhaja ta san siffar takalmin da alamar da ke gefensa. In an rubuta sunan wani jarumin Kannywood ko ɗan ƙwallo, za ta yi ƙoƙarin kawo fuskarsa da irin shigarsa. Wannan sauƙin shi ke jan masu haɗa hoton talla su riƙa cusa sunaye a cikin umarni, kuma ta nan rigimar shari'a take shigowa, domin sunan da tambarin da fuskar duk suna da masu su.

Wannan bayani zai bi misali guda ne daga farko har ƙarshe. A ƙaddara wani mai ɗinkin takalma ne a Tudun Jukun, a yankin Tudun Wadan Zariya, yana ɗinka takalman fata yana kuma haɗa kambas na matasa. Sallah ta gabato, ya ware naira 30,000 domin ya biya Facebook da Instagram su yaɗa masa talla na mako biyu, zai kuma buga bana ya rataye a ƙofar shago. Sai ya je wurin wani matashi mai aikin zane a kwamfuta. Matashin ya rubuta umarni mai ma'ana kamar haka: a zana Ahmed Musa sanye da rigar Super Eagles, yana tsaye a filin wasa, yana sanye da kambas irin na Nike Air Force 1, fari mai ratsin kore. Hoto ya fito tsaf, aka ɗora sunan shago da lambar waya a ƙasa, aka biya kuɗin talla. A cikin wannan layi ɗaya an taɓa haƙƙin aƙalla ɓangarori uku: ɗan wasan, da kamfanin Nike, da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya mai tambarin da ke ƙirjin rigar.

Rubuta suna a cikin manhaja, shi kaɗai, ba shi doka take bi ba. Wanda ya zana hoton tauraro ya ajiye a wayarsa don nishaɗi, da wuya wani ya kai shi kotu. Abin da doka take dubawa shi ne hoton da ya fita bainar jama'a, da abin da aka fitar da shi ya yi. Da zarar an biya kuɗi an tura hoton don a sayar da kaya, ya zama amfani na kasuwanci, kuma yawancin uzurorin da doka ta tanada, irin na karatu da bincike da sharhi da ba da labari, ba sa rufe shi. Ɗan jarida zai iya nuna tambarin kamfani a cikin rahoto. Mai shago da ya nuna tambarin nan a tallar kayansa yana gaya wa mai saye wani abu ne game da kayan, ko ya nufa ko bai nufa ba.

A fara da tambari. Dokar alamun kasuwanci ta Nijeriya ta 1965, wadda har yanzu ake aiki da ita tare da gyare-gyare, ta ba wanda ya yi rajistar alama ikon amfani da ita shi kaɗai a kan irin kayan da ya yi wa rajistar. Ana yin rajistar a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Takan yi shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14. An kasa kaya da ayyuka rukuni 45, kuma tufafi da takalma da huluna suna rukuni na 25. Keta haƙƙi a wannan doka shi ne mutum ya yi amfani, a cikin kasuwanci, da alama iri ɗaya da wadda aka yi wa rajista, ko mai kama da ita har ta iya ruɗa mai saye, a kan irin kayan da aka yi rajistar a kansu.

Wannan batu na rukuni shi ke bambanta ƙaramin haɗari da babba. Da a ce kwalbar Coca-Cola ce ta bayyana can a bayan hoton, a kan wani tebur, ƙarar keta alama za ta yi rauni, don ba wanda zai zaci kamfanin lemo ne ya ɗinka takalmin. Amma alamar Nike a gefen kambas, a cikin tallar kambas, ta faɗa tsakiyar abin da dokar ta hana: kaya iri ɗaya, rukuni ɗaya, masu saye iri ɗaya. Kuma ba sai alamar ta fito daidai ba. Manhaja takan karkatar da ita, ko ta ƙara mata wutsiya, ko ta rubuta sunan da kuskuren harafi, amma kotu ba awon layi take yi ba. Tambayarta ita ce ko mai saye na yau da kullum, wanda bai riƙe asalin alamar a hannu yana gwadawa ba, zai iya ruɗewa. A 1968 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta ga cewa sunan magani Casorina ya yi kusa da Castoria har zai iya ruɗa jama'a, duk da cewa haruffan ba ɗaya ba ne. Ƙararrakin alamar da aka yi wa rajista a Babbar Kotun Tarayya ake shigar da su, kuma tana da reshe a Kaduna.

Akwai wata hanya ta biyu da ba ta buƙatar rajista ko kaɗan, wato ƙarar sojan gona da kayan wani. A nan mai ƙara zai nuna abu uku: cewa yana da suna da farin jini a kasuwa, cewa wanda ake ƙara ya yi abin da zai sa jama'a su ɗauka kayansa na mai ƙarar ne ko da hannunsa a ciki, da kuma cewa hakan ya jawo masa asara ko zai jawo. Ɗaya daga cikin shari'o'in da ɗaliban lauya suke karantawa a kan wannan, har a tsangayar shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, a Kano aka yanke ta a 1972. Kamfanin Trebor mai alewar minti ya kai ƙarar kamfanin Associated Industries mai yin Minta Supermint. Sunayen biyu sun bambanta, amma takardar da aka naɗe alewar da tsarinta sun yi kama, kuma kotu ta ce an yi sojan gona ta hanyar kamannin kayan.

Darasin wannan shari'a ga mai rubuta umarni a fili yake. Wasu sukan zaci in an rubuta «irin na kamfani kaza» sannan aka goge tambarin daga baya, shi ke nan an tsira. Amma abin da umarnin ya jawo ba tambari kaɗai ba ne. Ya jawo siffar takalmin, da yadda aka jera launukansa, da yanayin da jama'a suka saba gane kayan kamfanin da shi. Sai dai wannan ma yana da iyaka. A shari'ar Ferodo da Ibeto, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, kamfanin Ferodo mai birkin mota ya yi ƙorafin cewa kwalin birkin Union na kamfanin Ibeto ya ɗauki launukan kwalinsa. Ya sha kaye, domin kotu ta ga cewa sunan Ferodo ne alamar da aka kare, launukan kwali kuwa ado ne da bai zama mallakarsa shi kaɗai ba. Ke nan ba kowane kama ne laifi ba. Fari da kore ba na kowa ba ne. Haɗarin yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda abin da aka kwaikwaya ya zama shi ne shaidar da mai saye yake gane kamfanin da ita.

Batun fuskar mutum ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Nijeriya ba ta da wata doka guda da aka rubuta musamman don kare surar mutum daga amfani na kasuwanci, irin wadda wasu jihohin Amurka suke da ita. A 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star TV, inda wata mata ta yi ƙarar cewa an sa hotonta a allunan talla ba da izininta ba. Ba ta yi nasara ba. Kotu ta bayyana cewa haƙƙin mallakar hoto na wanda ya ɗauki hoton ne, ba na wanda aka ɗauka ba. Wasu suka ji wannan hukunci suka ɗauka fuskar kowa ta zama halal ga mai talla, kuma wannan mummunar fahimta ce. Abin da hukuncin ya rufe ƙofar haƙƙin mallakar hoto ce. Ƙofar sojan gona tana buɗe ga duk wanda zai iya nuna cewa sunansa yana da daraja a kasuwa, kuma tauraro shi ne ainihin mutumin da zai iya nuna haka, domin kamfanonin sadarwa da na abinci da bankuna suna biyan jaruman fim da mawaƙa da 'yan ƙwallo don su tallata musu kaya.

Shari'ar da ta fi kama da misalin Tudun Jukun a Ingila aka yi ta, kuma kotunan Nijeriya sukan duba hukuncin kotunan Ingila a matsayin abin jan hankali a irin wannan fanni. Eddie Irvine direban tseren mota ne da ya yi suna a ƙarshen shekarun 1990. Wani gidan rediyo mai suna Talk Radio, wanda daga baya ya koma Talksport, ya sayi hotonsa yana riƙe da wayar hannu a kunne, aka gyara hoton aka mayar da wayar ta zama ƙaramar rediyo mai ɗauke da sunan gidan, aka sa a takardar talla. Gidan rediyon ya biya kuɗin hoton ga masu shi, don haka ba a yi maganar satar hoto ba. Duk da haka, a 2002 kotu ta ce an yi sojan gona, domin wanda ya ga takardar zai ɗauka Irvine ya amince yana tallata gidan. Da farko an ba shi diyyar fam 2,000, amma a 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ɗaga ta zuwa fam 25,000. Yadda aka kai ga wannan adadi shi ne abin lura: an auna ne da mafi ƙarancin kuɗin da Irvine zai karɓa in da an nemi ya yi tallar, ba da abin da gidan rediyon zai iya biya ba. In aka bi wannan ma'auni, diyyar da za a nema daga mai takalman Tudun Jukun ba ta da alaƙa da naira 30,000 da ya kashe, ko da yawan kambas ɗin da ya sayar. Farashin ɗan wasan ne ma'auni.

Uzurin da aka fi ji a bakin masu zane shi ne cewa ai ba hotonsa ba ne, inji ne ya zana, bai taɓa tsayawa a gaban kyamara ba. Wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa tun kafin a ƙera kwamfuta. A 1931 kotun ƙoli ta Ingila ta saurari ƙarar Cyril Tolley, ɗan wasan golf wanda ba ya wasa don kuɗi, bayan kamfanin cakulan na Fry ya zana shi da hannu da cakulan a aljihu. Zane ne na barkwanci, amma kotu ta yarda cewa zai iya ɓata masa suna, don jama'a za su zaci ya sayar da mutuncinsa ya karɓi kuɗin talla. A Amurka ma, a 1992, kotu ta ba mai gabatar da shirin talabijin Vanna White damar ci gaba da ƙarar kamfanin Samsung, wanda ya yi talla da mutum-mutumi mai gashi da riga irin nata. Tambayar a kullum ita ce ko mai kallo ya gane wa ake nufi. In bai gane ba, babu amfanin sa sunan a umarni tun farko. In ya gane, to an yi amfani da mutumin.

Shari'ar Tolley tana da nauyi na musamman a ƙasar Hausa, inda fuskokin da suka fi jan hankali ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Sa surar wani malami sananne ko basarake a tallar maganin gargajiya, ko a tallar wata harkar zuba kuɗi, ya wuce batun kuɗin talla ya shiga ɓata suna, wanda ana iya neman diyya a kansa, kuma laifi ne a dokar hukunta laifuffuka ta Jihar Kaduna. In maganin ya cutar da wani ko kuɗin jama'a suka salwanta, sunan bawan Allah nan ne zai fara shiga bakin mutane alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daga 2023 kuma an sami ƙarin wata doka, ta kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar NDPC. Duk bayanin da za a iya gane mutum da shi yana ƙarƙashinta, kuma sarrafa shi yana buƙatar hujja ta doka, kamar yardar mai shi. Wannan ya fi shafar mai zanen da ya ɗauko ainihin hoton mutum daga Instagram ya loda wa manhaja don ta kwaikwayi fuskar. Ga ƙananan 'yan kasuwa, tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Wannan kariya ba ta tsaya ga taurari ba. Ta haɗa da amaryar da aka ɗauko hoton bikinta aka mayar da ita mai tallar lalle. Kuma hoton da aka loda yana da mai ɗaukarsa, wanda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba shi kariyar shekara 50. Dokar nan ce kuma take kare zane-zane, har da 'yan tsanan katun da makarantun yara suke son sakawa a tallar ɗaukar ɗalibai. A watan Yuni na 2025 kamfanonin Disney da Universal sun maka Midjourney a kotu a Amurka a kan fitar da irin waɗannan 'yan katun.

Sai hukumar kula da talla, ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON. Dokarta ta ce duk tallar da ake nufin kasuwar Nijeriya da ita sai kwamitin tantancewa ya amince kafin a fitar, kuma hukumar ta sha nanata cewa wannan ya haɗa da tallar da ake biya a kafofin sada zumunta. An kuma kafa kotu ta musamman don laifuffukan talla a 2023. Ƙa'idojin talla na ƙasa suna buƙatar yardar mutum kafin a yi amfani da sunansa ko surarsa, saboda haka hoton da babu takardar izini a bayansa ba shi da hanyar wucewa. Tun ranar 1 ga Oktoba 2022 kuma hukumar ta hana amfani da 'yan ƙasashen waje a matsayin fuska ko muryar talla, don haka wanda ya sauya Ahmed Musa da Ronaldo ko Shah Rukh Khan, da tunanin cewa suna nesa ba za su gani ba, ya ƙara wa kansa matsala ce. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiwatarwa, ita ma ta hana nuna cewa kaya suna da amincewa ko alaƙa da wani alhali ba su da ita. Ta kuma hana nuna kaya a siffar da ba tasu ba, kuma kambas ɗin da manhaja ta zana ba shi ne wanda ke kan kanta a shago ba.

A zahiri, abin da ya fi saurin faruwa ga ƙaramin mai shago ba sammacin kotu ba ne. Duk tallar da ke gudana a Facebook da Instagram tana bayyana a rumbun talla na Meta, wanda kowa zai iya bincikawa daga ko'ina, kuma kamfanin yana ba masu tambari hanyar neman tallace-tallacen da suka ɗauki alamarsu su kai rahoto. Tun 2024 kuma ya fara gwada fasahar gane fuska don kama tallar da ake yi da fuskokin shahararrun mutane ba izini. Sakamakon yakan zama a ƙi karɓar tallar, ko a sauke ta bayan ta fara, ko a rufe asusun talla in an maimaita. Ga wanda cinikinsa ya dogara da shafinsa, rufe shafi ana saura kwana biyar Sallah asara ce babba. Bayan wannan sai wasiƙar lauya mai neman a janye talla a biya diyya. In aka je kotu, za ta iya ba da odar dakatarwa, ta sa a lalata bana da takardun da aka buga, ta kuma ba mai ƙara zaɓi tsakanin diyya da ribar da aka ci.

A wannan mataki ne rubutun umarnin yake dawowa ya zama shaida. Keta alama da sojan gona ba sa buƙatar a tabbatar da mugun nufi, amma in aka nuna cewa da gangan aka kwaikwaya, kotu takan fi saurin yarda cewa an ruɗi jama'a, kuma hakan yana iya shafar diyya. Manhajojin nan suna ajiye tarihin abin da aka rubuta. A Midjourney ma, hotuna da umarninsu a buɗe suke ga sauran masu amfani, sai ga wanda ya biya tsarin ɓoyewa. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a gabatar da abin da aka ciro daga kwamfuta. Mai zanen da zai ce kamar da aka gani dace ne kawai, zai sha wuya in aka karanta umarninsa aka ga sunan ɗan wasan da sunan takalmin a rubuce.

Kamfanonin manhajar kuwa sun riga sun zame kansu. Sharuɗɗan da mutum yake amincewa da su lokacin buɗe asusu suna ɗora masa nauyin abin da ya shigar da yadda ya yi amfani da abin da ya fito. Cewa an mallaka wa mutum hoton, ko an ba shi izinin kasuwanci da shi, yana nufin kamfanin manhajar ba zai bi shi ba ne kawai. Ba zai iya ba da izinin tambarin Nike ko fuskar wani ba, tunda ba nasa ba ne. Wasu kamfanoni, irin su Adobe da OpenAI, suna alkawarin tsaya wa manyan abokan cinikinsu a shari'a, amma alkawarin bai shafi mai asusun kyauta ba, kuma na OpenAI ya cire ƙarar alamar kasuwanci da ta taso daga amfani da hoton a ciniki. Cewa manhaja ta yarda ta zana abu bai nuna doka ta yarda a tallata shi ba.

Gyaran umarnin ba shi da wuya. Maimakon sunaye, sai a bayyana abin da ake so a gani: matashi Bahaushe ɗan kimanin shekara 25, sanye da riga kore mara rubutu, a filin ƙwallo na unguwa da yamma, hasken rana daga gefe. Takalmin kuma a ɗauki ainihin hotonsa da waya a kan farar takarda, a sa manhaja ta gina masa wuri kawai, don mai saye ya ga abin da zai samu. A Midjourney ana iya ƙara wannan a ƙarshen umarni don rage fitowar tambari da rubutu:

```
--no logo, text, watermark
```

Wannan ragewa yake yi, ba ya hanawa gaba ɗaya. Ko ba a ambaci kamfani ba, rubuta Super Eagles kaɗai ya isa ya jawo alamar Nike, domin ita ke ɗinka wa ƙungiyar riga tun 2015, kuma da alama manhaja ta ga rigar a yawancin hotuna. A watan Nuwamba na 2025 wata babbar kotu a Landan ta samu cewa wasu tsofaffin nau'o'in manhajar Stable Diffusion sun fitar da hotuna ɗauke da hatimin kamfanin Getty Images, kuma a 'yan lokuta ƙalilan hakan ya keta alamar kamfanin. Saboda haka kafin a biya kuɗin talla sai a faɗaɗa hoton a duba ƙirjin riga, da gefen takalmi da harshensa da dunduniyarsa, da ƙwallo, da allunan da ke bayan fili, da kusurwoyin hoton. Ratsi uku a jere a gefen takalmi alamar Adidas ce ko babu suna. Fuskar kuma a nuna wa mutum biyu ko uku da ba su ga umarnin ba a tambaye su wa suka gani. In suka kira suna, a sake zanawa.

Akwai inda ambaton sunan kamfani yake halal. Mai gyaran waya zai iya rubuta cewa yana gyaran Tecno da Samsung, mai sayar da kayan asali zai iya faɗin na wane kamfani ne, muddin bai nuna kansa a matsayin wakilin kamfanin ba. A irin wannan, suna a rubuce da haruffa na yau da kullum ya fi aminci a kan babban tambari, hoton ainihin kayan kuma ya fi wanda manhaja ta ƙaga.

Wanda kuma yake son tauraro da gaske, hanyar ita ce takardar yarjejeniya da shi ko manajansa. Takardar ta faɗi kayan da za a tallata, da tsawon lokaci, da kafofin da za a sa tallar, da kuɗin da za a biya. Ta faɗi a fili ko an yarda a sarrafa surarsa da manhaja, da cewa zai ga hoton ƙarshe kafin a fitar, domin izinin ɗaukar hoto bai ƙunshi izinin ƙera sabbin hotuna da fuskarsa ba. A tambaye shi ko yana da kwantiragi da wani kamfani mai irin kayan, kamar yadda 'yan ƙwallo da yawa suke da shi da kamfanonin takalma. Izinin ɗan wasa kuma bai rufe rigar ƙungiya da tambarinta ba, wannan izini ne daban daga hukumar ƙwallo. Tsakanin mai shago da mai zane ma a rubuta, ko a saƙon WhatsApp ne, cewa mai zane zai miƙa umarnin da ya yi amfani da shi tare da hoton, kuma ya tabbatar bai sa sunan kowa ko hoton kowa ba. Mai ƙara yana iya haɗa su biyun a ƙara ɗaya, amma sunan shago da lambar wayarsa ne a jikin tallar, don haka mai shago ake fara nema.